BABI NA HUƊU: TARKEN RUBUTUN ALLO A DARASIN WALƘIYA NA MAYER

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a duba darasi guda ɗaya, wato darasin yadda walƙiya take samuwa, wanda Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara da abokan aikinsa suka yi ta gwaji da shi shekara da shekaru. An zaɓi wannan darasi ne domin an gabatar da shi ga ɗalibai ta fuskoki daban-daban. Wani lokaci an haɗa murya da zane kawai, wani lokaci an ƙara rubutun da yake maimaita duk abin da murya ta faɗa, wani lokaci kuma an ƙara 'yan kalmomi biyu ko uku. Wannan ya ba da damar a kwatanta, a ga wane irin rubutu ne yake tallafa wa magana, wanne ne kuma yake yi mata kishiya. Daga nan za a auna hujjojin da aka kafa a kan darasin, a nuna inda suka yi ƙarfi da inda suka yi rauni, sannan a gwada su a kan harshen Hausa.

Abin da ake nufi da "allo" a nan shi ne fuskar talabijin ko kwamfuta ko majigi. "Falle" kuwa shi ne hoto ɗaya da yake tsayawa a allon kafin a sauya shi da wani.

4.1 Tsarin Darasin

Darasin gajere ne ƙwarai, bai kai minti uku ba, kuma an kasa shi mataki 16. Ya fara ne da iska mai sanyi da laima wadda take bi ta kan ƙasa mai ɗumi har ta ɗumama ta tashi sama. Idan ta yi sama sai ta huce, tururin da ke cikinta ya koma ɗigon ruwa, girgije ya haɗu. Saman girgijen yakan kai inda sanyi yake daskarar da ruwa, don haka ya cika da ƙwayoyin ƙanƙara. Idan ɗigon ruwan da ƙanƙarar suka yi nauyi sai su faɗo, su jawo iska ƙasa tare da su. Kai-da-komon nan a cikin girgije shi ke tara cajin lantarki, mai alamar tarawa ya taru a sama, mai alamar ɗebewa ya taru a gindin girgijen. A ƙarshe wani zaren caji yakan gangaro daga girgije, wani ya taso daga bishiyoyi da gine-gine, su gamu, hanya ta buɗe, sai a ga hasken nan da ake kira walƙiya.

Idan aka lura, za a ga cewa darasin sarƙa ce ta sababi da sakamako. Kowane mataki shi ne yake haifar da na gaba da shi. Ɗalibin da ya rasa mataki ɗaya, to na gaba ba zai zauna masa ba. Haka kuma zanen ba ado ba ne, domin kibiyoyin da ke nuna hawan iska da saukarta, da alamomin caji a sama da gindin girgije, su ne rabin bayanin. Saboda haka ido yana da aikin yi tun kafin a ɗora masa rubutu.

Bayan darasin akan yi wa ɗalibai jarrabawa iri biyu. Ta farko ta tuni ce, inda ake neman su rubuta yadda walƙiya take samuwa. Ta biyu ta aiki da ilimi ce, inda ake yi musu tambayoyin da ba a amsa kai tsaye a darasin ba. Misali, me zai sa a ga gajimare a sama amma babu walƙiya, ko me za a yi a rage ƙarfin walƙiya. Wannan rabe-rabe yana da amfani ga tarken da zai biyo baya, domin tunawa da abu daban, fahimtarsa daban.

4.2 Rubutun da Yake Maimaita Magana

A binciken Mayer da Heiser da Lonn (2001) an nuna wa ɗaliban jami'a darasin a matsayin zane mai motsi tare da murya. An ƙara wa wasu daga cikinsu rubutu a allo a daidai lokacin da muryar take magana. A gwaji ɗaya rubutun ya maimaita maganar kalma da kalma, a ɗayan kuma taƙaitawa ya yi. A duk gwaje-gwajen biyu, waɗanda aka ƙara wa rubutu sun gaza waɗanda ba a ƙara wa ba, a jarrabawar tuni da ta aiki da ilimi baki ɗaya. Irin wannan sakamako ne Mayer ya ɗora abin da ya kira ƙa'idar maimaici a kai.

Bayanin da ya bayar shi ne, ɗan'adam yana karɓar saƙo ta ƙofa biyu, ido da kunne, kuma kowace ƙofa tana da iyakar abin da za ta ɗauka a lokaci guda. Idan murya ta ɗauki kalmomi, zane ya ɗauki siffa, to an raba kaya daidai. Amma idan aka mayar da kalmomin rubutu, sai su dawo ƙofar ido su yi cunkoso da zanen.

Ana iya fito da wannan fili da ɗan lissafi. A ɗauka an juya mataki ɗaya na darasin zuwa Hausa kamar haka:

"Idan iskar da ke gangarowa ta bugi ƙasa, sai ta bazu ta kowane ɓangare, ita ce iskar mai sanyi da ake ji kafin saukar ruwa."

Wannan jimla kalma 25 ce. Mai magana da yake furta kalma 150 a minti zai gama ta cikin daƙiƙa 10. Brysbaert (2019) ya ƙiyasta cewa baligi mai karanta rubutun ilimi na Ingilishi a zuci yakan karanta kimanin kalma 238 a minti. Ko da an ba mai karatun Hausa wannan saurin, zai ci daƙiƙa shida da 'yan kai a kan jimlar. Abin da ya rage masa na kallon zane bai kai daƙiƙa huɗu ba. Idan kuwa karatunsa bai kai saurin mai magana ba, fallen zai wuce bai ɗaga ido ya ga kibiyoyin ba sam. Ke nan mai saurin karatu yakan riga murya, mai nawa kuma murya ta riga shi, kuma kowannensu yana sauraren wata kalma alhali idonsa yana kan wata. Hausawa na cewa ba a gudu ana susar takashi.

4.3 Rubutun da Yake Tallafar Magana

Bayan shekara bakwai, Mayer da Johnson (2008) suka sake komawa ga darasin. A wannan karo an yi shi falle 16 na PowerPoint, kowanne yana tsayawa kimanin daƙiƙa 8 zuwa 10, da zane da jimla ɗaya ko biyu ta murya. An ƙara wa rukuni ɗaya na ɗalibai kalmomi biyu ko uku a kowane falle. Waɗannan kalmomi sun cika sharuɗɗa uku. Daga cikin maganar aka tsamo su ba tare da sauyi ba, babban abin da ya faru a matakin suke faɗa, kuma an ajiye su dab da sashen zanen da suke magana a kai. An maimaita gwajin da wani darasi mai falle 8 a kan yadda birkin mota yake aiki. Rukunin da aka ƙara wa kalmomin ya fi ɗayan a jarrabawar tuni, amma bai fi shi a jarrabawar aiki da ilimi ba.

Idan aka koma ga jimlar Hausa ta sama, za a ga cewa zaɓen kalmomi ukun ba abu ne na ka-cici-ka-cici ba. Akwai aƙalla zaɓi uku da za su zo wa mai tsara darasi a rai.

Na farko shi ne "saukar ruwa". Wannan yana cikin jimlar, amma ba shi ne abin da ya faru a matakin ba, lokaci kawai yake nunawa. Ɗalibin da ya riƙe shi zai ɗauka matakin na ruwan sama ne.

Na biyu shi ne "iska mai sanyi". Wannan ya fi na farko, sai dai suna ne da siffa, babu aikatau a ciki. Bugu da ƙari, matakin farko na darasin ma da iska mai sanyi ya fara. Idan aka rubuta abu ɗaya a wurare biyu, ɗalibi zai iya cakuɗa iskar da ta tashi da farko da wadda ta gangaro daga baya.

Na uku shi ne "iska ta bazu". Wannan yana ɗauke da mai aiki da aikin da aka yi, kuma shi ne abin da kibiyoyin zanen suke nunawa a inda suka rabu hagu da dama a doron ƙasa. Idan aka ajiye shi a gefen kibiyoyin, karanta shi ba zai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma idon da ya je karantawa ya riga ya isa inda ake so ya duba. Rubutun ya zama kamar ɗan yatsan malami da yake nuni a allon aji.

Akwai ma'auni mai sauƙi da za a iya gane nagartar irin wannan zaɓe. A jera 'yan kalmomin falle 16 ɗin a takarda ɗaya ba tare da murya ba. Idan suka ba da ƙashin bayan labarin a jere, kamar "iska ta ɗumama", "iska ta tashi", "girgije ya haɗu", "iska ta bazu", to zaɓen ya yi kyau. Idan kuwa suka fito tarkacen sunaye da ba a ganin abin da ya haɗa su, to ba a tsamo aikin da ke cikin kowane mataki ba. A ɗaya ɓangaren, idan mutum zai iya kashe murya ya karanta darasin gaba ɗaya daga allo, to rubutun ya ƙwace aikin muryar ke nan.

Wani wurin da rubutu yake yi wa murya hidima shi ne adadi. A darasin an ce zaren caji biyun sukan gamu a kimanin ƙafa 165 daga ƙasa. A bakin Bahaushe wannan "ƙafa ɗari da sittin da biyar" ne, kalma shida da suke wucewa a kunne sau ɗaya. A allo kuwa "ƙafa 165" ya isa, kuma yana nan tsaye a gefen layin da ke nuna tsawon. Haka abin yake ga baƙon suna da ɗalibi bai taɓa ji ba, wanda sai ya ga haruffansa zai iya riƙe shi.

4.4 Raunin Hujjojin

Duk da wannan, akwai wurare uku da ya kamata a yi taka-tsantsan kafin a mayar da sakamakon doka.

Na farko, tsakanin binciken 2001 da na 2008 ba abu ɗaya aka sauya ba. A 2001 taƙaitaccen rubutu ma cutarwa ya yi, a 2008 kuwa ya taimaka. Amma a tsakani an rage rubutun zuwa kalma biyu ko uku, an matso da shi jikin zane, an kuma bar zane mai motsi an koma falle tsayayye. Mai kallon zane mai motsi idan ya kau da ido ya yi asarar abin da ya wuce, mai kallon falle kuwa zai dawo ya tarar da shi. Saboda haka ba za a iya cewa gajarta kaɗai ce ta kawo nasarar ba. Abin da za a iya cewa shi ne, taƙaitawa ita kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da sauran sharuɗɗan. Wanda ya rage jimla zuwa kalma goma ya jera a ƙasan allo bai fita daga matsalar 2001 ba.

Na biyu, ribar da aka samu a 2008 ta tsaya ne ga tuni. 'Yan kalmomin sun taimaki ɗalibi ya riƙe cewa iska ta bazu, amma ba su ƙara masa iya bayyana dalilin da zai sa a ga gajimare babu walƙiya ba. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka duba ginin jimlar. Dalili yana zaune ne a cikin ƙananan kalmomi irin su "idan" da "sai" da "saboda", kuma su ne ake fara zubarwa wajen taƙaitawa. Ma'anar wannan ita ce, murya ce take ɗauke da nauyin sababi. Idan maganar ba ta fito da dalilai sarai ba, babu wani gajeren rubutu da zai cike giɓin.

Na uku, ƙa'idar maimaici ba ta hau kowane hali ba. Moreno da Mayer (2002) sun nuna cewa idan babu wani zane da yake neman ido a lokacin, ɗalibai sun fi fahimta idan suka ji kalmomi suka kuma gan su a rubuce. Ke nan laifin ba na rubutu ba ne a kan kansa, na kishi ne tsakanin rubutu da zane. Haka kuma waɗanda aka yi gwaje-gwajen nan da su ɗaliban jami'a ne, darasin gajere ne, kuma ba su da ikon tsayar da shi. Kurma ko mai raunin ji yana bukatar cikakken rubutu, domin a wurinsa shi ne maganar. Mafita a nan ita ce a raba abubuwan biyu. 'Yan kalmomin tallafi su zauna a jikin zane, cikakken rubutun magana kuma ya zama wanda mai kallo zai kunna ko ya kashe, kamar yadda YouTube yake ba da dama.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi yadda ake auna nasara. Yue da Bjork da Bjork (2013) sun yi gwaji da darasi a kan rayuwar taurari, inda suka tarar cewa taƙaitaccen rubutu ya fi cikakken maimaici taimakon tuni, amma ɗaliban da kansu cikakken maimaicin suka fi so. Don haka wanda ya tambayi masu kallo abin da ya fi yi musu daɗi zai iya samun amsar da za ta ɓatar da shi. Hanyar da ta fi ita ce a rufe allo a nemi su sake bayyana matakan.

4.5 Gwada Ƙa'idar a Kan Hausa

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama a Nijeriya sun koma gabatar da darussa ta rediyo da talabijin. Wannan ya nuna cewa batun rubutun allo ya shafi malamin Hausa kai tsaye. Sai dai ba za a ɗauko sharuɗɗan Mayer da Johnson a ɗora wa Hausa haka nan ba, saboda daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali.

A duba "iska ta bazu". A cikin jimlar da murya ta furta, "sai ta bazu" yana ɗauke da "ta" mai gajeren wasali da karin ƙasa. Amma da zarar an cire "sai" an bar "iska ta bazu" a allo, mai karatu zai karanta "ta" da dogon wasali da karin sama, wato shuɗaɗɗen lokaci. Haruffan ba su sauya ba, amma furucin ya sauya. Don haka sharaɗin nan na cewa rubutu ya zo daidai da abin da aka furta ya cika a ido kawai. A wannan misali illar kaɗan ce, tun da ma'anar ba ta kauce ba. Wanda yake son kauce mata zai iya rubuta "bazuwar iska", amma a lokacin ya saɓa wa kalmomin murya. Gyaran da ya fi shi ne a koma ga maganar, a tsara ta yadda za ta ƙunshi 'yan kalmomin allon da furucinsu, misali, "Da zarar ta bugi ƙasa, shi ke nan iska ta bazu ta kowane ɓangare." Abin lura a nan shi ne, ana rubuta magana da rubutun allo tare, ba a gama ɗaya sannan a yanko ɗaya daga jikinsa ba.

Haka nan kalmar "ƙasa" tana nufin doron ƙasa, tana kuma nufin akasin sama. A doguwar jimla muhalli yakan fayyace, amma a kalma uku babu muhallin. Idan aka rubuta "caji a ƙasa" a matakin da caji yake taruwa a gindin girgije, ɗalibi zai iya ɗauka a doron ƙasa ake nufi, alhali cajin doron ƙasa wani mataki ne daban mai wata alama daban. "Caji a gindin girgije" ya ƙara kalma ɗaya, amma ya kawar da ruɗanin. Idan kuma na'urar ba ta da haruffa masu lanƙwasa, "ƙasa" ta koma "kasa", kuskuren da ake iya yafewa a shafin littafi zai zama babba a falle mai kalma uku.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an bi darasin walƙiya ta fuskokinsa daban-daban. An ga cewa rubutun da yake maimaita kowace kalma yakan cinye lokacin da ido zai yi a kan zane, yayin da kalma biyu ko uku da aka tsamo daga magana, masu faɗin aikin da ya faru, aka kuma ajiye su a jikin zane, suka taimaka wa tuni. An kuma nuna cewa wannan taimako bai kai ga zurfin fahimta ba, kuma ƙa'idar ba ta hau inda babu zane ko inda mai kallo ba ya ji ba. A ɓangaren Hausa, rashin alamar karin sauti da tsawon wasali ya sa gajeren rubutu ya fi dogaro da murya, don haka wajibi ne a tsara su tare tun daga farko, a kuma karanta kowane falle shi kaɗai a ga ko yana ɗaukar ma'ana biyu.